Gwangwanin da aka ɗauka lita ɗaya ne: yadda awo ya ƙona tsirrai a wata gonar reno

Wata mata mai renon tsirrai a cikin ƙananan ledoji, waɗanda take sayar wa masu lambu domin dashe, ta fara ganin gefen ganyen tsirranta yana ƙonewa. Bakin ganyen ne yake fara yin ruwan ƙasa ya bushe, ƙananan cikinsu kuma su yi yaushi alhali ƙasar ledar a jiƙe take. A saman ƙasar wasu ledojin har wani farin ɓawo ya fito. Ta yi zaton cuta ce, ta ware waɗanda suka fi lalacewa, amma abin bai tsaya ba, kuma bai bar wani iri ba. Cuta takan zaɓi irin tsiron da take kamawa, takan kuma faro daga wani ɓangare ta yaɗu. Wannan kuwa ya taɓa duk abin da ake ba takin ruwa, ya ƙyale 'yan layukan da ba a fara ba su ba tukuna.

Da na je ganin wurin, abin da na fara tambaya shi ne yadda take haɗa takin. Takardar jikin kwalbar ta ce mililita 5 a kowace lita ɗaya ta ruwa. Ta ce haka take yi, ba ta taɓa ƙetare umarnin ba. Tana da wani tsohon gwangwanin madarar gari da take ɗauka a matsayin lita ɗaya, tana zuba cikinsa goma a bokiti, sannan ta zuba murfin kwalbar takin sau goma, domin murfi ɗaya a wurinta mililita 5 ne. A lissafinta ke nan lita 10 ta ruwa da mililita 50 na taki. Lissafin ba shi da aibi ko kaɗan. Abin da ba a taɓa gwadawa ba shi ne ko gwangwanin lita ɗaya ne da gaske, ko kuma murfin mililita 5 ne.

Tun kafin mu auna komai akwai wata shaida a hannunta da ba ta lura da ita ba. Kwalbar takin lita ɗaya ce, wato mililita 1,000. Idan kowane bokiti yana cin mililita 50, ya kamata kwalba ta yi bokiti 20. Na ce mata, "Hajiya, bokiti nawa kwalba take yi miki?" Ta yi shiru tana ƙirgawa, sannan ta ce, "Wallahi Malam, ba ta wuce sha biyu ko sha uku. Ni na ɗauka kamfanin ne ba ya cika kwalbar." Duk wanda yake haɗa wani abu da ruwa a kai a kai yana iya yin wannan gwajin ba tare da kayan aiki ba: ya raba abin da ke cikin kwalba da abin da yake zaton yana ɗiba, ya ga ko adadin ya yi daidai da abin da yake samu a zahiri.

Abin da muka dogara da shi

Ba a daidaita ma'auni sai da wani ma'aunin da aka fi yarda da shi. Mun yi amfani da abubuwa uku: sabon sirinji mai mililita 20 wanda aka cire wa allura, sikelin kicin mai nuna giram ɗaɗɗaya, da rula.

Sikeli yana shiga wannan aiki ne saboda wata alaƙa mai sauƙi tsakanin ruwa da nauyi. Mililita ɗaya ta ruwa mai tsabta nauyinta giram ɗaya ne, ko abin da ya yi kusa da haka ƙwarai. A zafin ɗaki yakan gaza kaɗan, wajen giram 0.998 a digiri 20 da 0.996 a digiri 30, wato giram biyu zuwa huɗu a lita guda, abin da ba zai dami mai wannan aikin ba. Ruwan da ya tafasa ne yake kaucewa sosai, domin litarsa ba ta wuce giram 958 ba, don haka da ruwa mai sanyi ake yin gwaji. Kuma da ruwa kawai ake yi. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, litar man girki wajen giram 920 ce, ita kuwa zuma litarta ta kai wajen giram 1,400. Wanda ya auna gwangwani da ɗayansu ya karanta giram a matsayin mililita ya ɓata tun daga farko.

Da yake shi ma sikelin ba a san lafiyarsa ba, sai muka sa shi da sirinjin suka binciki juna. Muka ɗora kofi a kan sikeli, muka danna maɓallin da ke mayar da shi sifiri domin a cire nauyin kofin, sannan muka zuba cikin sirinji biyar, wato mililita 100. Sikelin ya nuna giram 99. Tun da kayan aiki biyu da ba su da alaƙa da juna sun yarda a kan abu ɗaya, sai muka yarda da su. A wajen karanta sirinji, ana duba gefen baƙar robar da ke taɓa ruwan ne a inda ta haɗu da bangon sirinjin, ba tsinin da ke tsakiyarta ba, kuma sai an fitar da kumfar iska tukuna.

Gwangwanin

A jikinsa an rubuta giram 400. Wannan rubutu nauyin abin da aka zuba a ciki ne a masana'anta, ba ya faɗin komai a kan yawan ruwan da gwangwanin zai ɗauka. Madarar gari ba ta da nauyi, tana cin wuri, shi ya sa gwangwaninta yake da girma. Gwangwanin tumatir mai giram 400 ɗin nan dai bai kai rabin girman wannan ba. Ko kwalbar da aka rubuta mata mililita ma, abin da aka zuba ake nufi, domin kullum ana barin fili a sama.

Mun fara da rula, don mu san abin da za mu sa rai. Gwangwani mai miƙaƙƙen bango lissafinsa mai sauƙi ne: a auna faɗin bakinsa daga ciki, a raba biyu, a ninka wannan rabin da kansa, a ninka da 3.14, sannan a ninka da zurfi. Idan an yi awon da santimita, amsar mililita ce kai tsaye, saboda mililita ɗaya daidai take da ɗan akwatin da kowane gefensa santimita ɗaya ne. Faɗin nata santimita 9.8 ne, rabinsa 4.9. Idan aka ninka 4.9 da 4.9 da 3.14 za a sami kusan 75. Zurfinsa santimita 12, ke nan wajen mililita 905. Tun a nan an ga bai kai lita ba.

Daga nan muka ɗora shi a kan sikeli ba komai a ciki, muka mayar da sikelin sifiri, muka cika shi makil. Mun yi haka sau uku, muna zubarwa muna sakewa, muka sami giram 892, da 898, da 895. Matsakaicinsu 895. Ya ɗan gaza lissafin rula, kuma haka ya kamata, domin gindin gwangwani yakan ɗan turo ciki, bangonsa kuma yana da zobba da aka matse don ƙara masa ƙarfi. Bambancin da ke tsakanin awo ukun ya fito ne daga yadda ruwa yake iya yin tudu a saman baki kafin ya zube, don haka "makil" ɗin kansa ba abu ɗaya ba ne kowane lokaci.

Amma ba wannan adadin ne ya fi muhimmanci ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke tsayawa su yi kuskure. Ba wanda yake ɗaukar gwangwani cike makil daga tanki zuwa bokiti. Hannu da kansa yake rage ruwan don kada ya zuba. Saboda haka na roƙe ta ta ɗebo kamar yadda ta saba, kada ta yi wani ƙoƙari na musamman don ina kallo. Abin da ta ɗebo ya ba da giram 770, da 795, da 775, matsakaici 780. Ruwan yana tsayawa wajen santimita ɗaya da rabi ƙasa da baki, kamar faɗin yatsa.

Adadin nan 75 da muka samu a lissafin rula shi ne ya bayyana dalili. Ma'anarsa ita ce kowace santimita ɗaya ta zurfin wannan gwangwani tana ɗauke da mililita 75. Santimita ɗaya da rabi ke nan mililita 113 ne, kuma idan aka cire su daga 895 za a dawo 782, wanda ya yi daidai da abin da sikeli ya nuna. Faɗin yatsa ɗaya, wanda ido ba ya ɗaukarsa komai, ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin goma na lita. Gwangwani gomanta lita 7.8 ne, ba 10 ba.

Murfin

Shi kuma mun auna shi ta hanyar ragi. Muka zuƙi mililita 20 a sirinji, muka tsiyaya a murfin har inda ta saba cikawa, muka duba abin da ya saura: 12. Ke nan murfin ya sha 8. Sai dai sirinji mai girman nan layukansa mililita ɗaɗɗaya ne, kuskuren rabin layi kuwa a kan abu ƙarami irin wannan ba kaɗan ba ne. Maganin haka shi ne a tara da yawa a raba. Ta zuba murfi goma a kofi a kan sikeli, ya nuna giram 81. Murfi ɗaya mililita 8 ne da ɗan ɗoriya.

Daga ina batun mililita 5 ya fito? Ta ce wanda ya koya mata sana'ar haka ya ce, murfi ɗaya a lita ɗaya. Mai yiwuwa a wurinsa gaskiya ne, domin kwalbarsa daban, murfinta daban. Umarni irin wannan yana tafiya daga baki zuwa baki, amma murfin da aka yi shi dominsa ba ya bin sa. Haka abin yake ga cokali. A rubutaccen awo ƙaramin cokali mililita 5 ne, babba 15, amma cokulan da ke cikin gidaje ba a ƙera su a kan wannan ƙa'ida ba, wani ya gaza, wani ya zarce. Ko a rubuce ma ba a gama haɗuwa ba, don a Ostireliya babban cokali mililita 20 ne, kofin awo na Amurka kuma wajen mililita 237 ne alhali na tsarin mita 250 ne.

Yanzu sai a haɗa kuskuren biyu. Taki mililita 80 a ruwa lita 7.8 ya ba da mililita 10 da 'yan kai a kowace lita, ninki biyu na abin da takarda ta ce. Da ruwan ne kaɗai ya gaza, da haɗin ya tsaya wajen 6.4, wanda wataƙila manyan tsirrai su jure. Da murfin ne kaɗai, da 8 ne. Da suka taru a gefe ɗaya, ruwa ya ragu taki ya ƙaru, sai suka ninka juna. Taki gishiri ne a asalinsa, idan ya yi yawa a ruwan da ke kewaye da saiwa sai ya hana ta shan ruwa, har ya janye wanda ke cikinta. Shi ya sa tsiro yake yaushi a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, gefen ganye ya ƙone, gishirin da ya rage kuma ya fito fari a sama idan ruwa ya ƙafe.

Kwanon

Muna cikin wannan ne ɗanta, wanda yake yin ban ruwa a ranakun da ba ta nan, ya ce, "Umma, ni fa ba da gwangwanin nake yi ba, da kwano nake yi, ya fi sauri. Kwano ɗaya gwangwani biyu ne, sai in zuba biyar."

Kwanon cike makil ya ɗauki mililita 1,950, ke nan bai yi ƙarya ba, ya ma fi gwangwani biyu. Amma da ya ɗebo yadda ya saba, wajen 1,400 muka samu. Shi ma ruwan faɗin yatsa ɗaya ya rage daga baki, daidai da na mahaifiyarsa, sai dai asarar ta ninka kusan sau biyar. Dalili shi ne faɗin bakin. Kwanon santimita 22 ne a sama, kuma idan aka yi masa lissafin nan na rabin faɗi sau kansa sau 3.14 za a sami 380. Santimita ɗaya a saman kwanon mililita 380 ce, ba 75 ba. Ko milimita biyu ka kauce, ka yi asarar fiye da mililita 70. A ranakun da yaron ya haɗa, ruwan lita 7 ne, haɗin kuma ya haura mililita 11 a lita.

Kwano yana da wata matsala ta biyu da gwangwani ba shi da ita. Gwangwani faɗinsa ɗaya ne daga gindi zuwa baki, don haka rabin zurfinsa rabin cikinsa ne. Kwano kuwa ƙasansa tsukakke ne, samansa buɗaɗɗe, yawancin abin da yake ɗauka a sama yake. Idan kwano ya yi siffar rabin ƙwallo sosai, ruwan da ya kai rabin zurfinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na cikinsa ba. Nata yana da shimfiɗaɗɗen gindi, duk da haka da muka cika shi zuwa rabin zurfi, wajen mililita 700 kawai ya ɗauka daga cikin 1,950. Duk wanda ya ce maka "rabin kwano" bai faɗa maka komai ba sai ya nuna maka inda ruwan ya tsaya. A ganina kwano abin ɗiba ne da zubawa, bai dace da awon ruwa ba. Idan dole ne a yi amfani da shi, kowane layi sai an samo shi ta hanyar zuba ruwan da aka riga aka auna, ba a raba zurfinsa da rula.

Gyaran da muka yi

Ba mu jefar da gwangwanin ba, ba kuma mu ce ta riƙa tuna 895 ko 780 ba. Adadin da ba ya shiga lita cikin sauƙi ba ya daɗewa a kan mai aiki. Muka zaɓi mililita 500, wanda biyunsa lita ɗaya ne, kuma yana nesa da baki ta yadda ba za a ji tsoron zubewa ba. Muka zuba giram 500 na ruwa a kan sikeli, muka ajiye gwangwanin a shimfiɗaɗɗen wuri, muka jira ruwan ya kwanta. Lissafi ya ce ya kamata ya tsaya wajen santimita 6.7 daga gindi, wato 500 a raba da 75, rula kuma ta tabbatar da haka.

Layi a cikin gwangwanin ƙarfe yana da wuyar gani, ga duhu, ga shi daga sama ake leƙawa, wanda hakan ke sa ido ya yi kuskure. Alƙalamin maka yana wankewa, karce da ƙusa kuma yana jawo tsatsa. Sai muka yanka 'yar taga mai faɗin yatsa a bangon, wadda ƙasanta ya zauna daidai a kan matakin ruwan, muka goge kaifinta. Yanzu idan an nitsa gwangwanin an ɗago a miƙe, rarar ruwan da kanta take fita ta tagar, abin da ya rage 500 ne ko wane ne ya ɗebo, kuma ana zubawa ta ɗaya gefen. Ƙaramin huji na ƙusa ba ya yin wannan aiki da kyau, domin ruwa yakan daina fita tun yana sama da hujin kaɗan. Bayan yankan mun sake gwadawa, awon ya riƙa faɗawa tsakanin 497 da 506, wanda ya wadatar.

Da wannan gwangwanin muka zuba sau 20 a bokiti, muka ja layin lita 10 da fenti mai jure ruwa, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna. Amfanin layi biyu shi ne idan bokitin ya karkata, ruwan zai taɓa ɗaya ya bar ɗaya, nan take a gane. Wani zai ce zubawa sau 20 tana tara kuskure. Tana tarawa, amma daidai gwargwado: idan kowane zubi ya wuce da mililita 5, jimillar 100 ce a cikin 10,000, kashi ɗaya cikin ɗari. Bokitin ma bakinsa da faɗi, milimita ɗaya a wajen layin ta kai mililita 60, sai dai a kan lita 10 wannan ba komai ba ne. Faɗin baki yana cutarwa ne idan abin da ake aunawa kaɗan ne. Daga ranar ba ta ƙara ƙirga gwangwani ba, cika bokiti take yi zuwa layi, kuma ko da kwano yaron ya ɗebo babu damuwa.

Takin shi ya fi buƙatar kulawa, tun da shi ne ƙarami. Murfi goma dama goma ce ta kuskure. Muka samo wata siririyar kwalbar roba mai haske, faɗinta wajen santimita 3, muka zuba mata mililita 50 na ruwa da sirinji, muka ja layi. A irin wannan faɗi milimita ɗaya ba ta kai mililita ɗaya ba. Akwai ƙaramin gwangwanin tumatir a wurin wanda shi ma zai ɗauki 50, amma faɗinsa ya haura santimita 5, milimita ɗaya a cikinsa mililita 2 ce, ga shi ba a ganin ciki ta gefe, sai muka bar shi. Wajen jan layin, ido yana daidai da matakin ruwa, kuma ana bin ƙasan lanƙwasar da saman ruwa yake yi, ba gefen da ya ɗan hau bango ba.

Abu biyu na ja hankalinta a kansu. Na farko, kada ta ce za ta auna takin a sikeli ta nemi giram 50, domin takin ruwa ya fi ruwa nauyi, giram 50 ɗinsa bai kai mililita 50 ba. An daidaita kwalbar da ruwa, amma layin na kowane abu mai zuba ne. Na biyu, abu mai kauri yana maƙalewa a bango, don haka bayan ta juye sai ta ɗauraye kwalbar da ruwan bokitin ta mayar ciki.

Wanda ba shi da sikeli ba a bar shi a baya ba. Sirinji kaɗai yana isa ga ƙananan abubuwa, sai dai haƙuri, don mililita 500 zuƙa 25 ce da sirinji mai 20, kuma a nan ɓatan ƙirga ne babban haɗari, gara a riƙa ajiye tsakuwa ɗaya a kowace zuƙa. Hanya ta biyu ita ce kwalbar ruwan sha da ba a buɗe ba, wadda aka rubuta mata mililita 500. Kafin a buɗe sai a ja layi a inda ruwan ya tsaya, daga nan layin ya zama ma'auni. Bai kai sikeli daidaito ba, kuma roba mai laushi tana canza siffa idan an matse ta, amma ya fi ƙiyasin ido nesa ba kusa ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne cika kwalbar har baki a ce 500 ce, alhali ta wuce.

Tsirran da suka taɓu an yi musu ban ruwa mai yawa da ruwa zalla har yana fita ta ƙasan leda, don ya wanke gishirin, aka dakatar da taki na ɗan lokaci. Ganyen da ya ƙone ba ya dawowa, kuma mafi ƙanƙanta daga cikinsu sun mutu. Abin da ake dubawa shi ne sabon ganye, shi kuwa ya fito lafiya, farin ɓawon bai sake taruwa ba. Kwalbar taki ta gaba ta yi bokiti 20.

Inda wannan awo ya tsaya

Akwai inda ba a buƙatar duk wannan wahala. Idan umarni ya zo da kashi, misali kashi ɗaya na abu a kashi tara na ruwa, kowane gwangwani ya isa, muddin shi ɗin ne aka yi amfani da shi a ɓangarorin biyu kuma aka cika shi zuwa wuri ɗaya. Girman gwangwanin ba ya shiga lissafi. Matsala tana zuwa ne idan ma'auni biyu daban suka haɗu, kamar murfi da gwangwani, ko idan an ambaci mililita da lita.

Busassun kaya kuma labarinsu daban. Ta tambaye ni ko za ta iya auna taki mai ƙwaya da irin wannan gwangwani. Sanin mililitar gwangwani ba ya faɗa maka giram nawa na ƙwaya ko gari ya shiga, domin hakan ya danganta da girman ƙwayar, da danshinta, da ko an girgiza gwangwanin ta zauna. Ga kuma tozo: a gwangwani mai faɗin nata, tozo mai tsayin santimita 3 ƙarin wajen mililita 75 ne. Idan takarda ta ambaci giram, sai a cika gwangwani da wannan kayan takamaimai, a shafe bakin da rula, a auna a sikeli sau uku, a rubuta sunan kayan da nauyinsa a jikin gwangwanin. Adadin na wannan kayan ne kaɗai, ba ya aiki ga wani.

Maganin sha, musamman na yara, ba ya cikin wannan tsari ko kaɗan. Shi ana auna shi da sirinji ko ƙaramin kofin da ya zo da shi. Ruwan da ake narkar da garin gishiri da sukari na masu gudawa kuwa wuri ne da daidaita mazubi yake da amfani sosai, domin a jikin takardar an faɗi yawan ruwan, galibi lita ɗaya, kuma idan ruwan ya gaza haɗin yakan yi gishiri fiye da kima ya cutar da yaro. Amma mazubin da za a yi wannan da shi dole ya zama na abinci ne zalla. Duk gwangwani ko sirinji ko kwalbar da ta taɓa taki ko maganin ƙwari ba ta komawa kicin, shi ya sa muka shafa wa nata jan fenti a gindi.

Awon da aka yi na wannan gwangwani ne shi kaɗai. Wani mai kama da shi daga kamfani ɗaya ma yana iya bambanta, domin ana sauya girman gwangwani ba tare da sanarwa ba. Idan ya lotse cikinsa ya ragu, idan tsatsa ta ci tagar matakin ya sauka, bokitin roba kuma yakan buɗe idan ya daɗe a rana. Ta rubuta 500 da watan da aka auna a jikin gwangwanin, kuma a farkon kowane zagayen reno tana ɗora shi a sikeli sau ɗaya. Idan ya kauce da fiye da giram 15, sai ta yanka sabo ta sake duba layin bokitin da shi.